Idan Magani Ya Yanke a Sito: Jagoran Sauya Magani Ga Ma'aikatan Lafiya na Gagarawa da Kewaye

Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ke cika barandar asibitocin ƙasar Gumel, kuma a watannin ne maganinsa ya fi yankewa. Kayan da aka lissafa da cinikin rani ba sa kai wata guda a damina, mota kan makara, hanyar wasu ƙauyuka kan lalace. Mai ba da magani a ƙaramin asibiti a Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ko Maigatari, sai ya wayi gari da takardar likita a hannu, maganin da aka rubuta babu shi, ga kuma wasu masu kama da shi a kan kanta.

Abu biyu aka fi yi a nan, kuma duka biyun suna cutarwa. Wani ya ce "babu, a je a saya a waje," alhali ya san mai takardar ba ta da kuɗin mota zuwa Gumel. Wani kuma ya miƙa abin da hannunsa ya kai, ya ce "duk ɗaya ne." Wannan jagora zai bi hanyar da ke tsakanin biyun, da maganin zazzaɓi a matsayin babban misali, domin shi ne kullum a gabanmu.

Sauyi iri uku ne

Kafin ka taɓa kwali, ka san wane irin sauyi za ka yi. Na farko shi ne magani ɗaya, ƙarfi ɗaya, siffa ɗaya, kamfani ne kawai ya bambanta. An rubuta Coartem 20/120, kana da atemita-lumefantirin 20/120 na wani kamfani mai rajistar NAFDAC. Wannan kana iya bayarwa, ka gaya wa mai shi, ka rubuta a littafi. Na biyu shi ne magani ɗaya amma ƙarfi ko siffa ta canza, kamar 80/480 a madadin 20/120, ko na ruwa a madadin ƙwaya. Wannan yana buƙatar lissafi da sabon bayani a jikin leda, kuma wanda ya rubuta takardar ya sani. Na uku shi ne wani magani daban mai aiki iri ɗaya. Wannan hukuncin likita ne ko jami'in lafiyar da ya duba majinyacin. Naka shi ne ka kawo shawara, ba ka yanke ba.

Abin da ke raba ukun yana rubuce a jikin kwali, a ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin sunan kasuwa. Abu huɗu ake karantawa: sunan sinadarin, adadin miligiram ɗinsa, siffarsa, da ko yana sakin ƙarfinsa nan take ne ko a hankali. Idan huɗun sun dace da takarda, sauyi na farko ne. Idan ɗaya ya saɓa, ka tsaya.

Mun ga darasin wannan a fili a 2023. A watan Agusta na shekarar kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya, Augmentin da Ventolin suka yi wuya, farashinsu ya tashi. Amoksisilin-kilabulanet na wasu kamfanoni yana nan, kuma 625 nasu daidai yake da Augmentin 625, wato 500 na amoksisilin da 125 na kilabulanet. Inda ake zamewa shi ne ƙwayar 375. Ita 250 da 125 ce, saboda haka guda biyu ba 625 ba ne: amoksisilin ya cika 500, amma kilabulanet ya ninka zuwa 250, kuma shi ne ke kawo gudawa da murɗawar ciki. Amoksisilin tsura kuwa wani magani ne daban a wannan lissafi, ya faɗa sauyi na uku.

Fara duba ko da gaske ya ƙare

Sau da yawa abin da ya ƙare kwali ne, ba magani ba. AL, wato atemita-lumefantirin 20/120, yana zuwa a kati huɗu: mai ƙwaya 6, mai 12, mai 18 da mai 24. Ƙarfin ƙwayar da ke ciki ɗaya ne, yawanta ne ya bambanta gwargwadon nauyin mai sha. Daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya ake sha a kowane lokaci. Daga 15 zuwa ƙasa da 25, biyu. Daga 25 zuwa ƙasa da 35, uku. Daga 35 zuwa sama, huɗu. Sau shida ake sha cikin kwana uku: na farko yanzu, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da dare a kwana biyun da suka rage.

Saboda haka idan katin yara mai 6 ya ƙare amma akwai mai 24, za ka iya yanka shi da almakashi ka sallami yara huɗu. Kada ka ɓare ƙwayoyin daga takardarsu, domin danshin damina na lalata su. Ka yanka tare da takardar, ka sa a leda, ka kwafi lambar rukuni da ranar ƙarewa a jikin ledar tunda yankan zai raba wasu da tambarin. Bambanci ɗaya ne: na yara yawanci mai narkewa ne a ɗan ruwa, na manya kuwa sai an niƙa shi an kwaɓa a cokali, kuma yana da ɗaci. Haka ma idan na manya ne ya ƙare, kati biyu masu 12 sun cika na babba. Ka cire hoton yaron da ke jikin katin daga tunanin mai shi da bakinka, in ba haka ba zai sha bibbiyu yadda hoton ya nuna.

Ƙwayar 80/480 ita ce mai haɗari, kuma haɗarin ta fuska biyu ne. Ƙwaya ɗaya daidai take da huɗu na 20/120, shi ya sa shida ne kawai a kwalinta. Magidancin da ya saba haɗiye huɗu-huɗu, ka ba shi wannan ba tare da bayani ba, zai sha ninki huɗu a tashin farko, ya kusa cinye katin, gobe ba abin sha. Wanda kuma ya saba da ɗai-ɗai na 80/480, ka ba shi 20/120, zai sha rubu'in abin da yake buƙata, zazzaɓi ya lafa ya dawo bayan mako biyu ko uku. Ga ƙaramin yaro kuwa, ba a raba 80/480 gida huɗu. Ƙwayar ba a yi ta don haka ba, tana marmashewa, kuma ba ka da tabbacin abin da ke cikin kowane ɓari.

Yaro daga Medu

A ce ranar wata Talata ce a Satumba. Wata mata ta kawo ɗanta daga Medu, shekararsa uku, nauyinsa kilo 13. Gwajin jini na yatsa ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Yana ci yana sha, ba jijjiga, ba amai mai yawa. Jami'in lafiya ya rubuta AL 20/120, ɗai-ɗai sau shida. A sito babu 20/120 ko kati ɗaya, na yara ko na manya. Abin da ke kan kanta shi ne AL 80/480, da ASAQ 50/135, wato atesunet-amodiyakwin, da 'yan kwalaye na DHP 40/320, wato dihaidiro-atemisinin da fiferakwin.

Mun riga mun fitar da 80/480. Ido zai tafi kan ASAQ, domin yana cikin magungunan da tsarin ƙasa ya yarda da su, kuma 50/135 an yi shi ne daidai don yaro mai kilo 9 zuwa ƙasa da 18, ƙwaya ɗaya a rana har kwana uku. A takarda ya dace. Amma a yankinmu akwai tambayar da dole a yi kafin a miƙa shi: "Mama, masu rigakafin damina sun zo gidanku a watan nan? Ina katinsa?"

Dalilin tambayar shi ne, Jigawa na cikin jihohin da ake bi gida-gida a damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya, wata-wata. Maganin nan, SPAQ, yana ɗauke da amodiyakwin, sinadarin da ke cikin ASAQ. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta amince da wannan shiri a 2012, ta ce yaron da zazzaɓi ya kama a inda ake shirin a yi masa magani da wanda ba shi da amodiyakwin. Hikimar biyu ce. Sinadarin yana daɗewa a jiki, ƙara shi kan wanda ke nan na iya taɓa hanta da ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Sannan ƙwayar cutar da ta tsallake amodiyakwin ɗin rigakafin ba ita za a sake tura wa amodiyakwin ba. Akwai kuma abin da ke biyo baya: yaron da ya sha amodiyakwin cikin mako huɗu ba a ba shi zagaye na gaba na rigakafin, don haka ASAQ na yau zai iya hana shi kariyar wata mai zuwa.

Katin ya nuna ya sha kwana goma da suka wuce. ASAQ ya fita. Saura DHP, kuma wannan sauyi na uku ne, sai da izini. Ka tashi ka je ɗakin duba marasa lafiya, ko ka buga waya. Kada ka aiki uwar da saƙon baki, domin abin da zai isa can shi ne "sun ce babu." Maganarka ta zama gajera kuma cikakkiya:

"Ranka ya daɗe, yaron nan mai kilo 13 da ka rubuta wa AL, babu 20/120 ko ɗaya, sai 80/480. Akwai ASAQ, amma ya sha na rigakafi kwana goma da suka wuce. Akwai DHP 40/320, ƙwaya ɗaya a rana kwana uku ta dace da nauyinsa. Uwar ta ce ba shi da ciwon zuciya, bai taɓa suma ba, ba ya shan wani magani. In ba shi, ko kana da wata shawara?"

Ka lura da abin da ke ciki: wane majinyaci, me ya yanke, me ake da shi, me ka fitar da dalili, me kake ba da shawara da adadinsa. Jami'in da ke da layin mutane a ƙofarsa zai iya amsa wannan cikin rabin minti. Adadin kuma daidai ne, domin ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba yaro mai kilo 11 zuwa ƙasa da 17 ƙwayar 40/320 guda a rana. Tambayar zuciya ba ado ba ce. Fiferakwin na iya taɓa tsarin bugun zuciya, shi ya sa ba a ba mai matsalar bugun zuciya, ba a kuma haɗa shi da magunguna irin su eritromaisin. Idan ya yarda, shi ne zai gyara takardar ya sa hannu. Idan ta waya ne, ka rubuta sunansa da lokacin a bayan takardar, ya sa hannu idan ya shigo.

Da a ce DHP ɗin ma babu, sai a nemi AL 20/120 a ranar: aro daga asibitin maƙwabta da takardar aro, ko saye daga kantin magani mai rajista. Ba a cewa a dawo jibi. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro na iya juyewa cikin dare ɗaya. Ba a kuma cike gurbin da kulorokwin, ko Fansidar, ko ƙwayar atesunet ita kaɗai. Tun 2005 Najeriya ta bar kulorokwin saboda cutar ta daina jin sa, Fansidar an keɓe shi ga kariyar masu ciki da yara, atesunet shi kaɗai kuwa yana kwantar da zazzaɓi ya bar saura, yana kuma koya wa cutar jure maganin da muke taƙama da shi.

Abin da za a gaya wa uwar

A ganina nan ne aka fi yin asara, domin an gama lissafi daidai sai a miƙa leda ta taga ba tare da magana ba. Matar nan ta san AL. Ta san launin ruwan ƙwai ne, safe da dare ake sha, kuma an taɓa ce mata ta haɗa da nono ko kunun gyaɗa, domin lumefantirin sai da maiƙo yake shiga jini sosai. Duk wannan sani nata daidai ne, kuma duk zai cutar da ɗanta idan ta ɗora shi kan DHP. Shi sau ɗaya ake sha a rana, kuma ba a haɗa shi da abinci mai maiƙo, domin maiƙon na ƙara yawan fiferakwin a jini fiye da yadda ake so.

"Mama, wanda likita ya fara rubutawa ya ƙare, shi da kansa ya zaɓi wannan a madadinsa. Ba wancan na ruwan ƙwai ba ne da kika sani. Wannan ƙwaya ɗaya ce a rana, kwana uku. Ga ta yau za mu ba shi a nan. Gobe war haka ɗaya, jibi ɗaya. Da ruwa za ki ba shi, ba da nono ko abu mai mai ba. In ya yi amai cikin rabin awa, ki dawo a sake masa. In ya fara jijjiga, ko ya kasa shan komai, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tashi, ko fitsarinsa ya yi duhu, kada ki jira safiya. Yanzu ke gaya min, gobe guda nawa za ki ba shi?"

Tambayar ƙarshen ita ce gwajin aikinka. "Kin gane?" kullum amsarta "na gane" ce, saboda kunya da girmamawa. Sai ta maimaita da bakinta za ka san inda ta tsaya. A jikin leda ka ja zane uku, ɗaya ga kowace rana, ka rubuta da boko ko da ajami, wanda ake karantawa a gidan. Kada kuma ka ce sabon ya fi ƙarfi don ta karɓa da sauri. Wata rana AL zai dawo, ta ƙi shi ta ce na rannan take so.

Idan babba ne aka sauya wa zuwa ASAQ, a gaya masa tun farko cewa zai iya jin kasala, jiri ko tashin zuciya, ya sha bayan ya ci abinci, kada ya yar da shi a rana ta biyu. A tambaye shi a keɓe ko yana shan maganin ƙanjamau mai efabirenz ko zidobudin, domin ba a haɗa su da amodiyakwin.

Masu hawan jini da ciwon suga suna da nasu tarkon. Dattijo yana da ragowar amlodifin a gida, ka ba shi na wani kamfani mai launi daban, sai ya ɗauka ƙari likita ya yi masa, ya riƙa shan biyun, jini ya faɗi, jiri ya kayar da shi. Ka faɗa masa ƙarara: wannan shi ne wancan, riga ce ya canza, ɗaya za a sha. Akwai kuma waɗanda ko canjin kamfani ba a yi musu sai da sanin likita, musamman maganin farfaɗiya. Nifedifin mai saki a hankali ba a musanya shi da mai saki nan take, ba a kuma niƙa shi. Insulin kuwa a duba ko mai awo 40 ne a mililita ko mai 100, domin kowanne da sirinjinsa, kuma kuskure a nan ninki biyu da rabi ne.

Kafin kwalin ƙarshe

Duk abin da aka faɗa yana sauƙi idan an ga yankewar tun tana nesa. Ka raba abin da ke sito da abin da kake bayarwa a wata. Idan kana da katin AL 90, kana fitar da 180 a wata, kayan mako biyu gare ka. Ka yi lissafin da cinikin daminar bara, ba na watan Afrilu ba. Ranar da ka ga haka ka sanar da incaji da masu rubuta magani, ka tura buƙata ta hanyar da asibitinku ke karɓar kaya, ka tambayi maƙwabta ko wani na da rara da ta kusa ƙarewar wa'adi.

Sannan ku zauna ku yanke wa za a ajiye wa ragowar. A yankinmu a damina amsar a bayyane take: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu ciki a wata ukun farko, waɗanda tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce AL ne zaɓinsu, da waɗanda amodiyakwin bai karɓe su ba. Sauran manya a fara rubuta musu ASAQ ko DHP tun daga ɗakin likita. Takarda guda a manne a teburin kowane mai rubutawa, ana sabunta ta kowace safiya, mai cewa wannan babu, wannan akwai, ta fi kiran waya ashirin. Abu ɗaya ne ba a yi don a miƙa kaya: ba a ba mutum rabin kati. Ko cikakken kwana uku, ko wani maganin cikakke.

Lokacin yanke kuma shi ne kasuwar jabu. Mu da ke kusa da Maigatari mun san kayan da ke shigowa da rubutun Faransanci, ba lambar NAFDAC. Ko da maganin gaske ne, ba ka san wace rana ya sha a hanya ba, kuma ba ka da wanda za ka kama idan ya cutar. Tun Fabrairun 2024, lokacin da NAFDAC da hukumar PCN suka rufe shagunan magani na Sabon Gari a Kano, an mai da sarin magani cibiyar Ɗangwauro da ke hanyar Zariya. Ko daga ina kaya suka zo, a nemi rasiti mai lambar rukuni, a duba lambar rajista, a tabbatar lambar rukuni da ranar ƙarewa na jikin kwali su ne na jikin kati, a kankare wurin da aka rufe a tura lambar ta waya idan kwalin na da ita.

Kowane sauyi a shigar da shi littafi: rana, lambar majinyaci, abin da aka rubuta, abin da aka bayar, lambar rukuni, dalili, da wanda ya ba da izini. Idan yaron ya dawo da zazzaɓi bayan kwana ashirin, wanda zai duba shi dole ya san DHP ya sha ba AL ba. Idan ya dawo da ƙuraje ko idonsa ya yi rawaya, a cika fom ɗin NAFDAC na rahoton illar magani da sunan abin da ya sha da gaske. Ranar da AL ya dawo sito, a sauke takardar teburi, a sanar da masu rubutawa.

Zazzaɓi mai tsanani ba ya cikin wannan lissafi na ƙwayoyi. Idan allurar atesunet ce ta yanke, abin da ke maye gurbinta allurar atemita ce a tsoka, miligiram 3.2 a kowane kilo a karon farko, in babu sai kwinin, kuma wannan hukuncin mai duba majinyaci ne. A ba da kashi na farko, a rubuta sunan allurar da adadinta da lokacin a takardar tura majinyaci, a sa shi a mota zuwa Babban Asibitin Gumel ko babban asibiti mafi kusa.